Bugun zuciyata ya hau tun da na sauka Addis Ababa

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana a gidan nan. Wurin aiki sun turo ni kwas Addis Ababa, shekaranjiya da daddare na sauka. Kun san ni da agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, ko barci ba na cire shi. A Kano in na farka da asuba, kafin in sauko daga gado, 60 yake nuna min, wani lokacin 58. Jiya da asuba 74 na gani, yau 75. Na ce ko agogon ne ya rikice, na sa yatsa a wuya na ƙirga da kaina, haka ɗin ne.

Yau da safe na fita sassarfar da na saba, kilomita ɗaya cikin minti shida. A gida ina yinta ina hira da abokin gudu, bugun ba ya wuce 145. A nan ban yi nisa ba na ga 163, ga haki. Ko bene biyu na hau a masauki sai na tsaya na dafa bango. Babu ciwon ƙirji, babu zazzaɓi, sai ɗan nauyin kai da barci mai yawan yankewa. Shekarata 38, ba ni da wani ciwo da na sani. Abin damuwa ne, ko in share?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Baban Ilham ka je a auna maka jini yau ɗin nan. Haka maigidana ya fara, ciwon kai da faɗuwar gaba, ashe hawan jini ne. Ka rage gishiri, ka riƙa shan zoɓo marar sukari in akwai a can. Allah ya ba da lafiya.

Koci Sale:
Hajiya ba hawan jini ba ne, tsauni ne. Addis a kan dutse take, mita 2,350 ko wajen haka sama da teku. Kano ba ta kai 500 ba. Iskar oksijin ta can ba ta kai ta ƙasa yawa ba, shi ya sa zuciya ke ƙara gudu. Mu nan Jos kullum muna gani, yaro ya zo daga Legas yana taƙama, a sa shi zagaye fili sau biyar harshe ya fito. Malam ka ci gaba da gudunka, kar ka rage komai. Kwana uku jininka zai ƙaru, ka dawo Kano kana tsere wa kowa.

Abba Injiniya:
Koci ɗan gyara kaɗan. Kason oksijin a cikin iska bai canzawa, kashi 21 cikin 100 ne a Legas, a Jos, har kan Kilimanjaro. Nauyin iskar ne ke raguwa in ana hawa, sai ta yi shara-shara. A Addis nauyinta wajen kashi uku cikin huɗu ne na wanda ke bakin teku. In aka gwada da Kano, duk numfashin da Baban Ilham ya ja ya rasa kusan ɗaya cikin biyar na oksijin ɗin da ya saba samu.

Koci Sale:
To Injiniya ai duk kanwar ja ce. Iska dai ta yi ƙaranci.

Dakta Binta:
Sannunku. Baban Ilham, abin da ka zayyana ya yi daidai da abin da ake gani ga mai lafiya da jirgi ya ɗauko daga ƙasa ya dire shi a wannan tsayin cikin awa kaɗan. Bari in bi shi a hankali.

A gefen wuyanka, inda babbar jijiyar da ke kai jini ka ta rabu biyu, akwai wasu 'yan ƙananan ƙululu masu ɗanɗana jinin da ke wucewa. Da zarar sun ji oksijin ya ragu sai su kai rahoto ƙwaƙwalwa, ba sa jiran gobe, cikin mintuna ne. Ƙwaƙwalwa ta ba da umarni biyu: numfashi ya ƙara zurfi da sauri, zuciya kuma ta ƙara yawan bugu. Jijiyar da ke riƙe zuciya kada ta yi gaggawa ta ɗan sassauta riƙon, sinadarin adirenalin ya ƙaru. Dalilin kuwa a fili yake. Tsokokinka da ƙwaƙwalwarka buƙatarsu tana nan yadda take a Kano, amma jinin da kowane bugu ke turawa bai cika ɗauke da oksijin kamar da ba. Ka ɗauki ɗan garuwa da famfo ya rage ƙarfi, jarkokinsa ba sa cika: in dai sai ya cika randar gidan, dole ya ƙara sawu. Ƙarin sawun nan shi kake gani a agogonka.

Maman Sadiq ba ta kauce gaba ɗaya ba. Awon jini ma kan ɗan hau a kwanakin farko, saboda adirenalin ɗin nan. Amma yawan bugu daban, hawan jini daban, ɗaya na iya hawa ɗayan na zaune. In akwai na'urar awo a kusa ba laifi ka auna.

Inda ban bi Koci ba shi ne "kar ka rage komai". Zan dawo kan wannan, ina ɗakin marasa lafiya yanzu.

Abba Injiniya:
Dakta in kin dawo ga wani lissafi da ya tsaya min. Baban Ilham, agogonka na nuna SpO2, wato kason oksijin da ke cikin jini?

Baban Ilham:
Yana nunawa. A gida 97 ko 98. Nan 93 da rana, da daddare har 89 ya rubuta.

Abba Injiniya:
Yauwa. Iska ta ragu da kashi 20, amma jini ya sauka daga 98 zuwa 93 kawai, wato kashi biyar. In don cike wannan giɓin ne, 60 ya koma 63 ko 64 ya isa. Ina sauran goma sha ɗayan suka fito?

Alhaji Na-Gembu:
Salamu alaikum. Ni ban san lissafi ba amma na san tsauni, nan na tsufa. Baƙi da yawa in sun hawo Mambila daren farko ba sa barci, su ce gabansu na dukan uku-uku. Ni a ganina sanyi ne da shayi. Mutum ya taso daga zafin Jalingo, ya iso Nguroje haƙora na karo, a dama masa shayi mai kauri kofi uku, ta yaya zuciya ba za ta buga ba? Ga hanyar kanta. Duk wanda ya hau hawan nan na bayan Mayo Selbe a motar haya, yana leƙen rami ta taga, ko a ƙasa aka auna shi za a samu ɗari da ashirin.

Maman Sadiq:
Hahaha Alhaji ka tuna min. Ni addu'a na yi ta ja har muka kai sama.

Dakta Binta:
Na dawo. Abba, tambayarka mai kyau ce, kuma Alhaji ya riga ya ba da wani yanki na amsar.

Na farko, jiki ba da sikeli yake aiki ba. Ƙululun wuyan nan ba lambar da agogo ke nunawa suke ji ba, ƙarfin oksijin da ke narke cikin jini suke ji, shi kuwa ya faɗi fiye da kashi biyar nesa ba kusa ba. Jajayen ƙwayoyin jini suna da riƙo, shi ya sa lambar ta tsaya 93 duk da iskar ta ragu sosai. To sai jiki ya yi shiri fiye da giɓin da kake lissafawa.

Na biyu, ruwan jini na raguwa. Wanda ya hau tsauni yakan yawaita fitsari a kwanakin farko, iskar can busasshiya ce, yana kuma jan numfashi fiye da kima, kowane numfashi na fita da danshi. Cikin 'yan kwanaki ruwan da ƙwayoyin jini ke iyo a ciki zai ja baya, a irin wannan tsayin yakan kai kusan kashi 10. Ruwan da ke komawa zuciya ya ragu, abin da take turawa a bugu ɗaya ya ragu, sai ta rama da yawan bugu. Wannan ne ma dalilin da ya sa bugun ba ya komawa daidai washegari ko da numfashi ya fara daidaita.

Na uku shi ne tafiyar kanta. Zaman filin jirgi, awowi a cikin jirgi wanda iskarsa busasshiya ce kuma nauyinta kamar na kan tsauni mai mita 1,800 zuwa 2,400, rashin barci, agogon Habasha da ya riga namu da awa biyu, sabon abinci. Ko Jidda ka sauka, wadda ke bakin teku, za ka iya ganin ƙarin uku ko biyar washegari. Sai gahawa. Baban Ilham, gaya mana gaskiya, kofi nawa aka ba ka?

Baban Ilham:
Dakta kin kama ni. Mutanen nan ba a ƙin gahawarsu. A gaban mutum ake soya ta, a daka, a dafa, kuma zagaye uku ake yi. Jiya har bayan la'asar na sha.

Dakta Binta:
To ka gani. Ka tsayar da ita zuwa safiya kawai. Ban ce ka bari ɗungurungum ba, wanda ya saba da ita in ya yanke rana ɗaya ciwon kai zai same shi, sai a ɗora wa tsauni laifi.

Barcin da ke yankewa da 89 ɗin dare su ma sanannu ne. Cikin barci numfashi kan yi ta hawa da sauka: ka ja da ƙarfi sau kaɗan, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta yi ƙasa sosai a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta ce a dakata, numfashi ya tsaya 'yan daƙiƙu, oksijin ya faɗi, ka farka a firgice zuciya na bugawa. Yana raguwa da kwanaki ga yawancin mutane a tsayi irin na Addis.

Rabi Damagaram:
Ina kwananku. Ni nas ce, in ƙara abu guda kan na'urar auna oksijin ta yatsa da ta agogo. Kar a ɗauki lambarsu kamar saukakken abu. Yatsa mai sanyi na ba da lamba ta ƙarya, baƙin lalle da jan farce ma haka, agogon da bai kama hannu da kyau ba ya fi kowa ƙarya. An kuma gano cewa ga masu duhun fata na'urar yatsa kan nuna sama da gaskiya da ɗan kaɗan. Ka ɗumama hannu, ka zauna minti biyar, sannan ka auna. Bugun zuciya kuwa yatsa biyu a wuyan hannu da minti ɗaya cikakke ba su taɓa cin amanar kowa ba.

Koci Sale:
Dakta muna jiran inda kika ce ba ki bi ni ba. Shekara da shekaru ina horar da yara a Filato. Me ya sa 'yan tseren Kenya ke tarewa a garin Iten na kan tsauni, 'yan Habasha a kan dutsen Entoto da ke saman Addis? A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mita 2,240, wa ya kwashe dogon gudu? Kip Keino ya ci mita 1,500, Naftali Temu ya ci 10,000, Mamo Wolde ya ci gudun fanfalaki. Ron Clarke na Ostareliya, wanda ya kafa tarihin duniya a gudun, a ƙarshen 10,000 zubewa ya yi sai da aka sa masa oksijin. Tsauni na gina mutum.

Dakta Binta:
Koci, tarihinka daidai ne, amma ka duba wa ya ci, wa ya zube. Waɗanda suka ci a tsauni suka tashi. Wanda ya zube baƙo ne da ya nemi ya yi gudun ƙasa a sama. Baban Ilham a layin Clarke yake, ba a layin Keino ba.

Bari mu yi aiki da lambobinsa. Iyakar oksijin da jikin mutum ke iya ƙonawa in ya ƙure ƙarfi tana raguwa da wajen kashi 6 ko 7 a kowace mita 1,000 da ya hau, musamman ga wanda ya saba da atisaye. Daga Kano zuwa Addis hawan kusan mita 1,900 ne, mu ce ya rasa kashi 12. Shi kuwa gudun kilomita cikin minti shida farashinsa bai sauka ba, oksijin ɗin da yake ci a Kano shi yake ci a Addis. In a gida yana cinye masa kashi 70 na ƙarfinsa, a can ya koma kusan 80. Gudun da yake na hira ya zama na haki ba tare da ya ƙara taku ɗaya ba. Lokacin gudu kuma oksijin ɗin jini na faɗuwa ƙasa da na zaune, don jinin na ratsa huhu da sauri bai samu ya cika ba. Shi ya sa tazarar ta fi faɗi a guje: 15 a kwance, 18 a sassarfa, kuma in ya ƙara wuta za ta fi haka ciwo.

Ga wani abin da mutane ba su cika sani ba. Ƙololuwar bugun da zuciya ke iya kaiwa ba ta hawa a tsauni. Tana tsayawa inda take, ko ma ta sauka in an ƙara tsayi ko an daɗe. A shekara 38 ƙiyasin da aka saba yi, 220 a cire shekaru, ya ba shi wajen 182, kodayake ƙiyasi ne mai kuskure sama ko ƙasa. To 163 ya kusa kashi 90 na wannan. Ƙasa ta taso, rufi bai ɗaga ba.

Shawarata: kwana biyu ko uku na farko tafiya kawai da ɗan miƙe jiki. Bayan nan ka bi bugun, ka manta da saurin. Ka riƙe 145 ɗinka, ko da kilomitar za ta ci minti bakwai. In ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da ka yanke ta ba, ka yi sauri da yawa. Gudu mai tsanani da hawan tudu su jira mako na biyu.

Koci Sale:
Na ji wannan. Amma maganar jini fa? Da idona na ga takardar awo, yaro ya hau sama kwana huɗu jininsa ya ƙaru.

Dakta Binta:
Takardar ba ta yi ƙarya ba, fassarar ce. Ruwan ne ya ragu sai jinin ya yi kauri, awo ya nuna ƙari alhali ƙwayoyin na nan yadda suke. Gaskiya ne ƙoda na fara aika wa ɓargo saƙo tun ranar farko ya ƙera sababbin ƙwayoyi, amma kafin su taru su yi yawan da za a ji a jiki ana maganar mako uku zuwa huɗu. Kuma sai da isasshen sinadarin ƙarfe a jiki. Mai ƙarancin jini, ko macen da ke zubar da jini da yawa a al'ada, bugunta zai fi hawa kuma ya fi daɗewa bai sauko ba.

Maman Sadiq:
Dakta tunda ana maganar, mahaifiyata za ta Umara, kuma 'yan rakiyar sun ce za a kai su ziyara Ɗa'ifa. An ce can ma dutse ne. Tana shan atenolol na hawan jini. In ƙara mata ne ranar, don kar zuciyar ta yi gudu?

Dakta Binta:
A'a Hajiya, don Allah kar a taɓa mata magani, ba ƙari ba ragi. Ɗa'ifa wajen mita 1,800 ce, yini ɗaya a mota mai hawan jinin da ya daidaita yawanci lafiya lau yake yi. Abin lura shi ne atenolol aikinsa ke nan ya danne bugun zuciya, don haka nata ba zai hau kamar na Baban Ilham ba, kuma wannan ba ya nufin jikinta bai ji tsayin ba. Za ta fi saurin gajiya a hawan matakala, tunda an rage wa zuciyar damar ramawa. Ku duba numfashinta da yanayinta, kar ku dogara da lamba. In tana da ciwon zuciya ko na huhu ban da hawan jinin, ta ga likitanta kafin tafiya.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baban Ilham:
Dakta duk na fahimta, hankalina ya kwanta. Amma ta yaya zan gane in abin ya wuce na tsauni? Kar in zauna ina cewa sabo ne alhali wani abu ne.

Dakta Binta:
Inda lambar ta dosa ya fi lambar kanta magana. Ka auna kowace asuba a yanayi ɗaya: a kwance, kafin ka tashi, kafin gahawa. Na tsauni kan yi ƙololuwa a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ka ga akasin haka, kullum yana ƙara hawa, ko kana kwance ya haura 100 ya ƙi sauka, ka nemi likita.

Abin da na fi so ka riƙe, kai da ka fito daga Kano, shi ne zazzaɓi. Zafin jiki in ya hau da digiri ɗaya yakan ƙara wa bugu wajen goma. Addis kanta ba gidan maleriya ba ce saboda tsayinta, amma kai kana iya zuwa da taka a jini, sauron da ya cije ka a gida mako guda ko biyu da suka wuce. Ciwon kai, kasala, tashin zuciya, bugu ya hau: alamun laulayin tsauni ke nan, alamun maleriya ke nan. Bambancin shi ne laulayin tsauni na farawa cikin awa shida zuwa goma sha biyu da isowa, yana lafawa cikin kwana biyu, kuma ba ya zuwa da rawar sanyi. In ka ji zafi ko rawar ɗari, ka je asibiti ka faɗa musu da bakinka daga inda ka fito, ka ce a gwada maleriya. Gudawa ma na busar da jiki ta ɗaga bugu.

Waɗanda ba a kwana da su kuwa: haki kana zaune ba ka yi komai ba, tari da ke ƙaruwa ko kaki mai kumfa da ratsin jini, ciwon ƙirji, bugu mai tsalle-tsalle da jiri, tangaɗi ko ruɗewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo bayan zaman jirgi. Ruwa a huhu saboda tsauni ba kasafai yake faruwa a ƙasa da mita 2,500 ba, amma in ya zo a rana ta biyu zuwa ta huɗu yake zuwa, kuma bugun da ya ƙi sauka a kwance na cikin alamunsa na farko.

Alhaji Na-Gembu:
Ni dai har yanzu ban gamsu tsayin Mambila na taɓa zuciyar mai lafiya ba. Gembu ba ta kai Addis ba. In ƙanena ya zo daga Yola kwana ɗaya ne ya ware.

Abba Injiniya:
Alhaji yawancin Mambila wajen mita 1,600 ne, nauyin iska ya ragu da kusan kashi 17 ko 18 daga na teku. Ba kaɗan ba ne.

Dakta Binta:
Kowannenku na da hujja. A mita 1,600 oksijin ɗin jinin mai lafiya da ke zaune bai sauka sosai, ƙarin bugun ɗan kaɗan ne, zai iya ɓacewa cikin tasirin sanyi da shayi da gajiyar mota. Ka ba shi buhu ya hau tudu da shi, nan zai gane ba Yola yake ba. Jos mai mita 1,200 ta fi haka sauƙi. A zaune da wuya a ga komai, sai ɗan tseren da ya ƙure ƙarfinsa ne zai ji bambanci.

Koci Sale:
Nan kam ban yarda ba Dakta. Ki zo fili ki ga yaran Legas a satin farko.

Rabi Damagaram:
Koci, yaran sun kwana a mota daga Legas ko a jirgi suka zo?

Koci Sale:
A mota mana, wa zai biya musu jirgi. Amma ko bayan sun huta haka ne.

Baban Ilham:
Ga rahoto, mako ya zagayo. Asubar yau 67, bayan ya bi ta 75, 72, 70. Na bi shawara ina riƙe 145, da farko minti bakwai da 'yan daƙiƙu nake cin kilomita, yau shida da rabi. Da asuba nakan je dandalin Meskel inda jama'a ke gudu a kan matakalan nan masu faɗi, tsofaffi na wuce ni suna gaishe ni. Barci ya gyaru. Tambaya biyu: zai koma 60 kafin in taho? Sannan abokan kwas sun shirya hawa Entoto ranar Asabar, in bi su?

Dakta Binta:
Madalla, hanyar da ake so ke nan. Komawa 60 ba zan yi maka alkawari ba. Wasu na komawa daf da nasu na gida cikin mako biyu, wasu na zama da ƙarin uku ko biyar har su sauko. Mutane sun bambanta sosai a nan, kuma ƙarfin atisaye ba ya nuna wanda zai fi saurin sabawa.

Entoto ya kai mita 3,000 da ɗoriya. Bayan mako guda a Addis, hawa da rana a dawo a kwana a gari ba matsala ga mai lafiya. Bugun zai sake hawa a can, kar ka yi mamaki, ka tafi a hankali da gorar ruwa. Inda ake kwana shi ne abin lissafi: sama da mita 3,000 ba a son wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Rabi Damagaram:
Kafin ya hau, Baban Ilham ka san rukunin jininka na sikila? Ba wanda ya tambaya tun farko, alhali mu a ƙasashenmu masu AS ba su ƙirguwa.

Baban Ilham:
AA ne, an gwada mu kafin aure. Amma abokin ɗakina ɗan Zariya ya ce shi AS ne, kuma shi ya fi kowa ɗokin hawan.

Dakta Binta:
Rabi kin kyauta. Yawancin masu AS na zuwa irin wannan tsayin su dawo ba abin da ya same su, ba sai ya fasa ba. Sai dai ƙarancin oksijin da bushewar jiki da aikin ƙarfi in sun haɗu, ƙwayoyin na iya lanƙwashewa su toshe jinin saifa. Ya sha ruwa sosai, kar ya shiga tsere da kowa a hawan. In ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokacin har kafaɗar hagu, da amai ko zazzaɓi, ya sauko nan take a kai shi asibiti, ya kuma gaya musu AS ne. Kar ya ce ciwon gefe ne na gudu. Mai SS kuwa maganarsa daban ce, ko zuwa Addis ɗin sai da shawarar likitansa.

Koci Sale:
To in ya dawo Kano fa? Ni na ce mako biyu zai yi yana tashi sama.

Abba Injiniya:
Koci a wane wata zai dawo? In Afrilu ne zafin Kano kaɗai zai mayar masa da 163 ɗinsa.

Koci Sale:
Baban Ilham ka turo mana lambobin satin farko in ka sauka, mu ga ni da Injiniya wa zai sayi tsire.